Tafasa lita ɗaya ta ruwa: butar lantarki ko gas, yadda za ka auna da kanka ka san wanda ya fi sauƙi

Gardamar a tsakar gidanmu ta fara, a wani ƙauye da ke hanyar Ringim. Yayana ya sayo butar lantarki daga Kano ya kai wa Inna, ita kuwa ta ɗaga ta ta ajiye a kan kwalla, ta ce ba za ta jona ba. Ta ce, “Wannan abin shan wuta ne da shi kamar dutsen guga, kwana biyu zai cinye mana katin mita.” Yaya ya ce, “Inna, gas ɗin da kike dafa ruwan shayi da shi fa, kin san nawa kilo yake yanzu?” Kowa da gaskiyarsa a bakinsa, babu wanda ya taɓa aunawa. Da yake ni aikin waya nake yi, sai na ɗauki Juma'a guda na auna. Abin da na yi ba ya buƙatar wata na'ura ta musamman, kuma shi nake so in shimfiɗa a nan, don kowane gida lissafinsa daban ne, ba a aron na maƙwabci.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a kai shi ne, ruwa bai san wanda ya dafa shi ba. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma zafin da take buƙata kafin ta tafasa ƙayyadadde ne, ko da itace aka hura, ko gas, ko lantarki. Kowane digiri ɗaya da za ka ɗaga zafin lita ɗaya yana cin kilojul 4.19; kilojul ma'auni ne na yawan zafi. Ruwan da na yi amfani da shi yana kan digiri 26. A littafi ana cewa ruwa na tafasa a digiri 100, amma wannan a bakin teku ne; ƙasar Kano da Jigawa tana kan tudu da mita ɗari huɗu zuwa ɗari biyar, don haka namu ruwan yana tafasa a wajen digiri 98. Tazarar digiri 72 ke nan. Idan ka ninka 72 da 4.19 za ka sami kilojul 302. Yunit ɗaya na wutar mita, wanda ake rubutawa kWh, kilojul 3,600 ne. To ruwan kansa abin da yake sha bai wuce yunit 0.084 ba. Duk abin da ka biya sama da wannan, iska ka ɗumama, ko jikin tukunya, ko tururin da ya tashi. Tambayar inganci ke nan gaba ɗayanta: cikin zafin da ka saya, nawa ne ya shiga ruwan?

Kayan da za ka tanada

Ledar fiya wata biyu, domin kowace rabin lita ce, kuma ita ce ma'auni mafi sauƙin samu a ƙauye. Ka juye su a jug ko gora, ka yi alama a inda ruwan ya tsaya, daga nan sai ka riƙa ɗiban ruwan gida zuwa wannan alamar. Sai agogon waya. Sai sikelin da ke nuna lamba, wanda yake ƙirga giram goma-goma, irin na mai sayar da gas ko mai awon hatsi. Sikeli mai allura ba zai yi ba, don abin da za mu auna ya yi masa ƙanƙanta. Ruwan gwajin duka daga mazubi ɗaya za a ɗebo shi. Ruwan randa ya fi na jarkar da ta wuni a rana sanyi nesa ba kusa ba, idan ka ba buta na jarka ka ba gas na randa, ka yi wa gas rashin adalci tun kafin a fara.

Awon buta

Juya gindin butar ko faifan da take zama a kai, za ka ga an rubuta ƙarfinta. Tamu 1500W ce; akwai masu 1800W, akwai masu 2000W da ɗoriya. Wannan lambar ita ce ta tsorata Inna, kuma ba laifinta ba ne, domin ƙwan fitilar ɗakinta wat 9 ne kacal. Abin da ke ɓacewa mutane shi ne, mita ba ƙarfi kaɗai take ƙirgawa ba, ƙarfi take ninkawa da lokaci. Buta mai wat 1,500 sai ta yi awa guda cur tana aiki kafin ta ci yunit ɗaya da rabi, ita kuwa minti huɗu ko biyar take yi ta kashe kanta.

Hanyar awo mafi inganci tana jikin mitar kati. Kashe komai na gidan, firji da fanka da caja, har ƙwan zaure. A fuskar mitar akwai wata 'yar jar fitila da ke ƙiftawa, kusa da ita an rubuta lamba da imp/kWh. Tamu 1000 imp/kWh ce, ma'ana ƙiftawa dubu ita ce yunit ɗaya. Wasu mitocin 1600 ne ko 3200, ka duba taka. Zuba lita ɗaya a butar, ka tabbata jikinta da sanyi, rufe murfin sosai, wani ya danna, kai kuma ka tsaya gaban mita kana ƙirga har butar ta yi ƙas ta kashe kanta. Ƙanena ne ya danna, ni na ƙirga: ƙiftawa 104 cikin minti biyar. Raba 104 da 1,000, ya ba da yunit 0.104.

Idan mitarka a saman turken wuta take, 'yar na'urar loda kati kaɗai gare ka a ɗaki, rubuta ragowar yunit ɗin da take nunawa, ka tafasa lita ɗaya sau biyar da sabon ruwa kowane karo, ka sake dubawa, ka raba abin da ya ragu gida biyar. Sau ɗaya ba ya isa, don lambar tana da wuyar nuna ƙanƙanin bambanci daidai. Wanda ba shi da mita kwata-kwata sai ya yi ƙiyasi da agogo: wat ɗin butar sau mintocin da ta yi, a raba da 60,000. Sai dai wannan ƙiyasin yana da tarko, kuma a karkara kusan kullum ana faɗawa cikinsa. Lambar da ke gindin buta ta cikakkiyar wuta ce, bolt 230. Idan wutar ta zo da rauni, ƙarfin butar yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi, domin raguwar ninka kanta take yi. A bolt 210 butar wat 1,500 tana ba da wajen 1,250 ne, shi ya sa tamu ta yi minti biyar maimakon huɗu da 'yan daƙiƙoƙi. A bolt 180, irin wutar magariba da ƙwai ke yin ja, ba ta wuce wat 920, sai ta kai minti bakwai ko fiye. Mai lissafi da agogo zai zaci ta ci wuta da yawa, alhali yunit ɗin kusan ɗaya ne, jinkiri kawai aka samu da ɗan zafin da ya tsere ta jikinta saboda daɗewa.

To ruwan ya buƙaci 0.084, mita ta ƙirga 0.104. Kashi 81 cikin ɗari na abin da muka biya ya shiga ruwa. Wannan ba abin mamaki ba ne, butocin lantarki sukan faɗo tsakanin kashi 80 zuwa 90. Dalili a bayyane yake: ƙarfen da ke yin zafi yana manne da ruwan a gindin butar, zafin ba shi da wata hanyar bi sai cikin ruwa. Ɗan abin da ya ɓata ya tafi wajen ɗumama jikin butar, da tururin 'yan daƙiƙoƙin ƙarshe kafin makunnin ya ji zafi ya saki.

Awon gas, inda aikin yake

Nan ne ake buƙatar haƙuri. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da zafin da ya kai yunit 12.8 na lantarki, wato kowane giram ɗaya kilojul 46. Da a ce babu asara, giram shida da rabi sun isa tafasa litarmu. Tun da abin da ake ƙonawa a karo ɗaya bai taka kara ya karya ba a kan sikeli, dole a maimaita sau goma a raba.

Tamu ƙaramar tukunyar gas ce mai kilo uku, wadda kan risho yake ɗaure a samanta. Na ɗora ta a sikeli yadda take, da kan nata, na rubuta nauyin. Na tafasa lita ɗaya sau goma a tukunyar dalma mai murfi, a cikin kicin inda iska ba ta kaɗawa, wuta matsakaiciya wadda harshenta bai leƙo gefen tukunya ba. Da na ji murfi ya fara rawa, ruwan yana ɓulɓulowa sosai, sai in kashe nan take. Tsakanin kowane karo nakan ɗauraye tukunyar da ruwan sanyi ta huce, in ba haka ba karo na biyu zai ci moriyar zafin na farko, lissafi ya yi ƙarya. Ruwan zafin bai tafi a banza ba, an cika filas uku, saura aka yi wa yara wanka da wanke-wanke. Da na mayar da tukunyar gas kan sikeli ta ragu da giram 150. Kowace lita giram 15 ke nan, a cikin kamar minti shida.

Giram 15 sau 46 ya ba da kilojul 690, ruwan kuma 302 ya sha. Kashi 44 cikin ɗari. Fiye da rabin gas ɗin da aka saya da kuɗi ya bi gefen tukunya ya tashi sama. Idan kana so ka ji wannan asarar da jikinka, kai hannu sama da gefen tukunyar da ke kan gas, ka ji hucin da ke dukan tafinka, sannan ka kai hannu kusa da butar lantarki tana aiki. Wancan hucin kuɗinka ne. Rishon gas na gida yakan tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 55, gwargwadon tukunya da wuta da iska.

Na sake gwajin yadda aka saba yi a gidanmu da safe: a tsakar gida, ba murfi, wuta a ƙure don sauri. Sau biyar na yi, tukunyar gas ta ragu da giram 120, wato giram 24 kowace lita. Ruwa ɗaya, risho ɗaya, amma gas ya ƙaru da fiye da rabi. Wannan lambar ta fi ba ni tsoro a kan duk sauran, domin ba buta ba ce ta jawo ta, ba farashi ba ne, hannunmu ne.

Daga awo zuwa naira

Ta fuskar inganci magana ta ƙare, buta ta ninka gas kusan sau biyu. Amma a kasuwa ba inganci ake biya ba, farashi ake biya, kuma yunit ɗin zafi na gas da na lantarki ba kuɗinsu ɗaya ba.

Kada ka tambayi kowa farashin wutarka, duba saƙon katin da ka saya na ƙarshe. Raba kuɗin da ka biya da yunit ɗin da aka ba ka. A ce ka biya naira 2,000 aka ba ka yunit 32, kowane yunit ya tsaya maka naira 62.5, har da haraji a ciki. Idan ana cire tsohon bashi daga kuɗin, cire shi tukuna kafin ka raba. Bambancin da ke tsakanin gidaje a nan babba ne, saboda an kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni, daga A zuwa E, bisa yawan awoyin da layinsu ya kamata ya samu: rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa ta kai kuɗin rukunin A naira 225 kowane yunit, daga baya ya ɗan sauko amma ya tsaya sama da naira 200, sauran rukunan kuma aka bar su can ƙasa. Kano da Jigawa da Katsina duk a ƙarƙashin kamfanin KEDCO suke, kuma yawancin layukan karkara a ƙananan rukunai suke: wutar tana da araha, sai dai awoyinta kaɗan ne.

Shi ma gas ka yi masa lissafin gaskiya. A ce kilo naira 1,200 ne a inda kake sha. Idan sai an hau babur zuwa gari an cika, kuɗin zuwa da dawowa naira 600 a kan tukunya mai kilo uku, to kilonka ya zama naira 1,400, ba 1,200 ba. Mutanen birni ba sa sa wannan a lissafi, mu kuwa dole ne.

Yanzu a haɗa. Buta, yunit 0.104 a kan naira 62.5, naira shida da rabi ke nan kowace lita. Wannan butar dai a gidan da ke biyan naira 225, naira 23 da ɗoriya. Gas, giram 15 a kan naira 1,200 kilo, naira 18. Da kuɗin babur, naira 21. Gas ɗin tsakar gida mara murfi, giram 24, naira 29 zuwa 34. A gidan Inna buta ta fi gas sauƙi kusan sau uku. A gidan ɗan'uwanmu da ke birni a layin rukunin A, gas mai murfi ya ɗan fi buta sauƙi, ko su yi kunnen doki. Yaya da Inna duk da gaskiyarsu, gida ne ya bambanta.

Tun da farashi ba ya zama wuri ɗaya, ga ƙa'idar da za ka riƙe ko bayan waɗannan lambobin sun tsufa. Raba kuɗin kilon gas gida bakwai. Idan yunit ɗin wutarka bai kai abin da ya fito ba, buta ta fi araha. Idan ya wuce, gas ya fi. Kilo 1,400 a raba bakwai 200 ne, to duk mai biyan ƙasa da naira 200 a yunit ya jona buta. Bakwai ɗin daga ina ta fito? Kilo ɗaya na gas yana tafasa lita 67, yunit ɗaya kuma lita tara da rabi, ka raba na farko da na biyu. Idan naka awon ya ba da wasu lambobi, yi wannan rabawar da naka, shi ya fi nawa daraja a gidanka.

A wata fa? Gidan da ke tafasa lita biyar a rana, na shayi da kunun yara da filas ɗin mai jego, lita 150 ke nan. Da buta yunit 16 ne, wajen naira 1,000 a farashinmu. Da gas kilo biyu da kwata, naira 3,150 idan an sa kuɗin babur. Rarar naira 2,000 da 'yan kai a wata. Idan an sayi butar naira 12,000, wata shida ta mayar da kuɗinta. Amma wannan idan akwai wuta duk lokacin da ake son ruwan ne, abin da ba mu taɓa gani ba a ƙauyenmu. Idan rabin ruwan kawai buta ta samu dafawa, shekara guda ce. Ni a ganina har yanzu ta biya, muddin butar mai ƙwari ce da za ta kai shekara biyu, kuma akwai filas mai riƙe zafi. Filas ɗin shi ne ke mayar da wutar ƙarfe biyun dare ta zama ruwan shayin asuba.

Idan wutar ba ta layi ba ce

Duk abin da na faɗa a kan arahar buta ya rushe da zarar janareta ne ke ba da wutar. Ƙaramin janaretan nan mai shan fetur haɗe da baƙin mai, wanda ƙarfinsa bai kai wat dubu ba, ba zai ma ɗauki butar ba: zai yi gurnani ya mutu, in an matsa masa ya ƙone. Babba mai kVA biyu da rabi zai ɗauka, sai dai irin waɗannan injinan kashi kaɗan na fetur suke mayarwa lantarki, sauran zafi ne da hayaƙi. Litar fetur ɗaya takan ba da yunit ɗaya da 'yan kai zuwa ɗaya da rabi. A ce lita naira 900, yunit ya haura naira 600, litar ruwa ta tsaya sama da naira 60, ninki uku na gas. Ka ƙona mai, ka yi asarar mafi yawansa, ka mayar da ragowar zafi: hanya ce mai nisa zuwa wurin da ashana ɗaya za ta kai ka.

Sola kuma da sharaɗinta. Rana kyauta ce, batir ba kyauta ba ne. Buta mai wat 1,500 a kan inbata mai batir ɗaya na bolt 12 tana zuƙar sama da amfiya 130 daga batirin, abin da ke tsufar da batirin ruwa da wuri, in ma inbatar ba ta yi ƙara ta ɗauke ba. Na ga gidajen da aka canza batir kafin lokacinsa saboda buta da dutsen guga. Idan tsarin babba ne, inbata mai kVA uku ko fiye, farantai wadatattu, to a tafasa da hantsi zuwa azahar lokacin da rana ke ɗaukar nauyin kai tsaye, a zuba a filas. Da daddare gas ya fi.

Wanda ake kawo wa takardar kuɗin ƙiyasi ba tare da mita ba, buta ba ta ƙara masa ko kwabo a wannan watan, don haka a aljihunsa ita ce mafi araha. Sai dai taransifomar ƙauye ɗaya ce, idan gida talatin suka jona buta da hita a lokaci guda bayan magariba, wutar kowa ce za ta yi ja.

Abubuwan da ke ɓata lissafin, da yadda za ka gane su

A ɓangaren gas, babban ɓarawo shi ne barin ruwa yana tafasa. Da ruwa ya kai tafasa zafinsa ba ya ƙaruwa ko da digiri ɗaya, duk gas ɗin da ke ci daga nan tururi yake yi. Rishonmu yana ƙona kamar giram biyu da rabi a minti. An ɗora ruwa an tafi shara, aka dawo bayan minti biyar da tafasa, giram goma sha biyu da rabi sun tafi, kusan kuɗin wata litar. A nan buta ta yi wa gas fintinkau, don ita ba ta mantuwa. Ko ruwan sha ake so a tsabtace, ya tafasa sosai yana juyawa, a ƙara masa minti ɗaya in ana son natsuwa, ya wadatar; minti goma ɓarnar gas ce.

Sai launin wuta. Shuɗiya ita ce lafiyayya. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, gas ɗin ba ya samun isasshiyar iska, ba ya ƙonewa duka. Yawanci ƙura ce ko miyar da ta zube ta toshe ƙofofin kan rishon. A kashe, a bari ya huce, a cire kan a goge ramukan da tsohon burushi. Wutar da ba ta ƙonewa sosai tana fitar da iska mai guba mara wari, shi ya sa ko don gudun iska ba a rufe ƙofa da taga ruf a kunna gas. A kare rishon daga kaɗawar iska da bango ko wani faifan kwano a gefe, amma kada a zagaye tukunyar gas ɗin kanta da abin da zai tara mata zafi, musamman ƙaramar nan da wuta ke ci a kanta. Tukunyar dahuwa kuma mai faɗin gindi ta fi siririya mai tsawo, domin harshen wuta yana samun inda zai lasa kafin ya tsere. Idan ka ga wuta ta leƙo gefe, rage ta: saurin da za ka samu kaɗan ne, gas ɗin da za ka ƙara da yawa.

Idan tukunyar gas tana ƙarewa da wuri fiye da lissafi, kafin ka zargi mai sayarwa shafa ruwan kumfar sabulu a inda kan ya haɗu da tukunya da kuma jikin tiyo. Inda kumfa ke kumbura nan ne yake yoyo, sau da yawa 'yar robar da ke bakin ce ta ci. Ba a gwada yoyo da ashana.

Buta ma da nata aibin. Na farko cika ta fal alhali kofi biyu ake so. Mai lita 1.8 da aka cika don rabin lita ta ci fiye da ninki uku na abin da ya kamata, kuma arahar da muka lissafa ta tafi. A zuba abin da ake buƙata, amma kada ya gaza layin da aka rubuta MIN, don ƙarfen gindin yana ƙonewa idan ruwa bai rufe shi ba. Na biyu murfi: makunnin da ke kashe ta tururi yake jira ya bi ta wata 'yar hanya ya taɓa shi, idan murfin bai zauna ba sai ta yi ta tafasa har ruwa ya ƙafe. Na uku farin dutsen da ruwan rijiya da na burtsatse ke bari a gindi. Idan ya yi kauri, za ka ji ƙararta ta ƙaru, ta riƙa jinkiri, wani lokaci ta kashe kanta ruwa bai tafasa ba. Matse lemon tsami uku ko huɗu a ruwa rabin buta, a tafasa, a bari ya yi rabin awa, a zubar a ɗauraye. Ba a kankare shi da wuƙa ko cokali.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na mai aikin waya. Buta mai wat 1,500 tana jan amfiya shida da rabi, mai 2,000 kusan tara. Soket ɗin bango mai amfiya 13 da aka ja masa waya mai kauri yana ɗauka lafiya. Siririyar wayar jone irin ta cajin waya, ko wadda aka tsallako da ita daga gidan maƙwabci aka ɗaura da leda, ba ta ɗauka. Bayan buta ta kashe, cire filogin ka taɓa ƙafafunsa da bayan yatsa, ka shafa wayar. Ɗumi kaɗan ba komai. Idan ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko ka ji ƙaurin roba, ko bakin soket ya fara yin baƙi, a daina jonawa a nan har a gyara. A ɗakin da ke da rufin azara da zana wannan ba abin jira ba ne.

Lokacin shekara ma yana motsa lambobin, amma duka biyun yake motsawa tare. Ruwan asubar hunturu da ya kwana a waje yana iya sauka digiri 15, na jarkar bazara ya haura 35, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai bambancin kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da ake buƙata. Shi ya sa baƙar jarka da aka ajiye a rana tun hantsi take rage kuɗin ruwan wankan yamma ko da me za a ƙarasa dafa shi. Gas dai ya fi buta shan wahala a hunturu, saboda iskar da ke kwashe masa wuta.

Tsarin da muka tsaya a kai a gidan Inna ke nan. Na ja wa butar soket nata daban a bangon kicin. Duk lokacin da aka kawo wuta, ko tsakar dare ne in akwai wanda ke farke, a tafasa lita uku a cika filas biyu. In babu wuta a kunna gas a cikin kicin, taga a buɗe, tukunya mai faɗi da murfinta, kuma wanda ya ɗora shi zai tsaya har ya sauke. Janareta ba ya ganin buta. Ranar da na gama ƙirga ƙiftawar mita na gaya wa Inna cewa litar ruwa naira shida da rabi ta ci, sai ta ce, “To ka yi wa jug ɗin nan alama da jan fenti inda zan gani, kada yaran nan su riƙa cika min ita har baki.” Na yi alama biyu, ɗaya ta rabin lita don shayinta ita kaɗai, ɗaya ta lita guda.